Shafi na Biyu Ma Yana da Suna: Yadda Ake Hana Shafukan Baya Maimaita na Farko

Duk mai karatu a waya ya saba da dogon rubutun da aka raba gida-gida. Ka karanta har ƙasa, sai ka tarar an jera 1, 2, 3, 4, ko an rubuta "Ci gaba". Haka ma sashen labarai na jaridun intanet yake: sababbi goma a shafin farko, na baya kuma sai ka latsa shafi na biyu, na uku, har inda aka soma. Marubutan da ke sakin littafinsu babi-babi su ma a kan wannan tsari suke.

Raba rubutu ba laifi ba ne. Matsalar tana faruwa a wurin da ido ba ya gani. Mutum zai kai shafi na huɗu, ya ga ainihin abin da ɗan'uwansa yake nema, ya tura masa ta WhatsApp, amma katin da zai fito yana ɗauke da take da bayanin shafin farko. Wanda aka tura wa ya duba ya ce ai ya karanta wannan tuni, ya wuce. Wani kuma zai nemi batun a Google ya rasa, alhali amsar tana nan a rubuce cikin Hausa mai kyau. Marubuci ya yi aikinsa, amma shafukan baya sun fita duniya da sunan na farko, wasu ma da bakinsu suke gaya wa injin bincike cewa su kwafi ne kawai.

Gyaran ba shi da tsada, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane shafi ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ke cikinsa, ya nuna adireshin kansa. Sai dai yadda ake cika wannan ƙa'ida a rubutun da aka raba ya bambanta da yadda ake cika ta a rumbun labarai, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure.

Layukan da mai karatu ba ya gani

Kowane shafin intanet yana da kai da jiki. Jikin shi ne abin da muke karantawa. A kan kuwa akwai 'yan layuka da aka rubuta domin manhajoji: burauzar wayarka, injin bincike, WhatsApp da Facebook. Waɗannan layuka su ake kira metadata, wato bayani game da shafin kansa. Huɗu ne suka shafi zancenmu.

Na farko shi ne take, wanda ake sawa cikin `<title>`. Shi ne yake fitowa a saman burauza, kuma galibi shi ne babban layin da ake latsawa a sakamakon bincike. A watan Satumba na 2021 Google ya bayyana cewa a kusan kashi 87 cikin ɗari na lokuta yana amfani da taken da mai shafi ya rubuta. A sauran yakan sauya shi, kuma cikin dalilan da ya ambata akwai takoki iri ɗaya da ake maimaitawa a shafuka da yawa.

Na biyu shi ne taƙaitaccen bayani, `description`. Jimla ɗaya ce ko biyu da ke iya fitowa ƙarƙashin take. Tun 2009 Google ya ce ba ya amfani da ita wajen jera wa ke sama wa ke ƙasa, amma ita ce mutum yake dubawa kafin ya yanke shawarar kashe datarsa.

Na uku shi ne adireshin asali, `canonical`. Wannan layi yana cewa: idan kun ga wannan rubutu a adireshi fiye da ɗaya, ga wanda za ku ɗauka. Na huɗu kuma su ne layukan da suka fara da `og:`, tsarin da Facebook ya fito da shi a 2010. Daga gare su ake haɗa katin da ke fitowa idan an tura mahaɗi, da takensa da bayaninsa da hotonsa.

Inda maimaicin yake fitowa

Ba wanda yake zama ya rubuta take ɗaya sau huɗu da gangan. Manhajar wallafa, irin su WordPress, tana ajiye maƙala a matsayin abu guda: take ɗaya, bayani ɗaya, hoto ɗaya. Idan marubuci ya sa alamar yanke shafi, `<!--nextpage-->`, jikin rubutun ne kawai yake rabuwa. Kan shafin kuma daga ma'aji ɗaya ake ɗebo shi. Idan wanda ya ƙera dandalin bai koya wa manhajar duba lambar shafi ba, abin da ta sa wa na farko shi za ta sa wa na ƙarshe.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mujallar noma ta wallafa maƙala mai suna "Noman albasa daga shuka zuwa kasuwa: cikakken bayani ga manoman rani", ta raba ta huɗu. Shafin farko yana magana kan iri da gyaran ƙasa, na biyu dashe da ban ruwa, na uku cututtuka da ƙwari, na huɗu girbi da adanawa. Idan aka leƙa kan shafi na huɗu, abin da ake yawan tararwa shi ne:

```html
<title>Noman albasa daga shuka zuwa kasuwa: cikakken bayani ga manoman rani</title>
<meta name="description" content="Yadda ake zaɓen irin albasa da gyara ƙasa kafin shuka.">
<link rel="canonical" href="https://example.com/noman-albasa/">
```

Adireshin wannan shafi shi ne `/noman-albasa/4/`, amma babu layi ɗaya cikin ukun nan da ya ambaci hakan. Kamar buhuna huɗu ne a sito, na gero da dawa da masara da wake, aka rubuta "gero" a jikin kowanne. Mai neman wake zai wuce su duka, ba don babu ba.

Yanzu ga wani manomi a Aliero, ya cire albasarsa, damuwarsa ita ce kada ta ruɓe kafin ta yi kuɗi. Ya rubuta "yadda ake adana albasa" a waya. Ko da shafi na huɗu ya fito masa, taken bai ce komai kan adanawa ba, kuma idan aka nuna masa bayanin da aka rubuta, zancen zaɓen iri zai gani, abin da ya wuce watanni da suka gabata. Wannan ita ce ƙaramar illar. Babbar tana layi na uku.

Kuskuren da ya fi cutarwa

A watan Fabrairu na 2009 ne Google da Yahoo da Microsoft suka amince da layin `canonical` tare. Abin da ya sa aka ƙirƙiro shi shi ne shafi ɗaya yakan samu adireshi da yawa. Facebook, alal misali, yakan liƙa wata doguwar jela mai farawa da `?fbclid=` a ƙarshen mahaɗi. Rubutun bai canja ba, adireshin ne ya ƙaru. Layin `canonical` yana tattara irin waɗannan a kan adireshi guda. Wato an yi shi ne domin shafukan da abin cikinsu ɗaya ne, ko kusan ɗaya.

Shafi na huɗu na maƙalar albasa ba kwafin na farko ba ne. Ko jimla ɗaya ta jikinsu ba ta zo daidai ba. Amma layin da muka gani a sama yana cewa: kada ku kula ni, ainihina yana can shafin farko. Idan injin bincike ya yarda da wannan magana, zai ajiye shafin farko a kundinsa ya bar sauran. A maƙala mai shafi huɗu, kashi uku cikin huɗu na aikin marubuci ke nan ya fita daga bincike. A 2013 Google ya wallafa jerin kurakurai biyar da aka fi yi da wannan layi, kuma wannan shi ne na ɗaya a jerin. Har yau jagoransa yana nan a kan bakansa: kada a mai da shafin farko adireshin asali na sauran, kowanne a ba shi nasa.

Akwai abin da ke sa wannan kuskure ya daɗe ba a gano shi ba. Google yana ɗaukar `canonical` a matsayin shawara ne, ba umarni ba. Wani lokaci yakan lura cewa shafukan biyu sun sha bamban, ya yi watsi da shawarar, ya ajiye duka. Wani lokaci kuma ya bi ta. Don haka mai dandali zai ga wata maƙalarsa tana fitowa lafiya, wata kuma rabinta ya ɓace, ya rasa dalili, ya ɗora wa rashin sa'a.

Wuri ɗaya ne aka yarda shafukan baya su nuna wani adireshi dabam: idan akwai shafi guda da ya ƙunshi maƙalar gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. A nan maganar gaskiya ce, domin duk abin da ke shafi na huɗu yana cikin wancan cikakken shafin. In babu irin wannan shafi, kowa ya nuna kansa.

Layin `og:url` ma haka yake. Facebook yana ɗaukarsa a matsayin shaidar shafi. Idan na huɗu ya nuna adireshin na farko, can zai je ya ɗauko take da hoto, kuma can zai lissafa masu so da masu yaɗawa.

Yadda ake rubuta wa kowane shafi nasa

Ga kan shafi na huɗu bayan gyara:

```html
<title>Girbi da adana albasa (4 cikin 4) | Noman albasa</title>
<meta name="description" content="Alamomin nunar albasa, yadda ake shanya ta, da irin rumfar da ke rage ruɓewa.">
<link rel="canonical" href="https://example.com/noman-albasa/4/">
<meta property="og:url" content="https://example.com/noman-albasa/4/">
```

Abin lura na farko shi ne jerin kalmomin take. Sakamakon bincike yana yanke take idan ya fi faɗin allo, kuma daga ƙarshe yake yankewa. Masu sana'ar sukan auna da kimanin haruffa 60. Asalin taken maƙalar ya riga ya haura haka. Da an ƙara "Shafi na 4" a bayansa kawai, lambar ce za ta fara faɗuwa, sai shafuka huɗun su sake zama iri ɗaya a idon mai nema. Shi ya sa aka sa abin da ya bambanta shafin a gaba, lamba ta biyo, sunan maƙalar a taƙaice ya zo ƙarshe, inda ko an yanke shi ba a yi asara ba.

Na biyu, bayanin ya tsaya a kan abin da ke wannan shafi kaɗai. Bai yi alƙawarin zancen iri ko na taki ba. Kimanin haruffa 150 sun isa. Idan manhajar ba ta ba da damar rubuta wa kowane shafi nasa bayanin ba, gara a bar shafukan baya babu bayani da a maimaita musu na farko, domin idan babu, injin bincike zai tsamo jimla daga jikin shafin, wadda ko yaya ta fi kusa da gaskiya.

Adalci ne a faɗi cewa Google da kansa ya sassauta a nan. Jagoransa ya ce shafukan da ke jeri ɗaya suna iya amfani da take da bayani iri ɗaya, shi zai yi ƙoƙarin gane cewa jeri ne. Saboda haka maimaita take ba laifin da ake hukunta dandali a kansa ba ne, kuma duk wanda ya tsorata ka da haka don ya sayar maka da gyara, ya ƙara gishiri. Amma wannan sassauci na injin ne. Mutumin da ya ga kati a WhatsApp, ko ya buɗe shafuka uku a burauza yana neman inda ya tsaya, ko makahon da manhaja ke karanta masa take, duk ba su da abin dogaro sai kalmomin da aka rubuta.

Idan kuwa jerin maƙaloli ne masu zaman kansu, kashi na 1, kashi na 2, ko babukan littafi, aikin ya fi sauƙi, domin kowanne yana da gurbin take da bayani nasa. A nan sakaci ne kawai ke kawo maimaici. Marubuciyar da ta sa "Babi na 12" a ƙarshen dogon sunan littafi da sunanta da na dandali, ta kuma liƙa gabatarwar littafin a matsayin bayanin kowane babi, ta ɓoye babukanta da hannunta. Lambar babi ta zo da wuri, bayanin kuma ya taɓo abin da ke faruwa a babin ba tare da tona ƙarshensa ba.

Rumbun labarai yana da tasa ƙa'idar

Shafukan rumbu, wato jerin duk abin da aka wallafa a wani sashe, suna da wata ɗabi'a da maƙala ba ta da ita: abin cikinsu yana tafiya. A ce sashen Noma na mujallar nan yana da maƙaloli 237, ana nuna goma a kowane shafi. Shafuka 24 ke nan, na ƙarshe yana da bakwai. Duk ranar da aka wallafa sabuwa, sai ta hau saman shafin farko, ta goma ta faɗa shafi na biyu, ta ashirin ta faɗa na uku, haka har ƙasa. Bayan sababbin maƙaloli goma, duk abin da ke shafi na biyu ya koma na uku.

Wannan yana nufin dabarar da ta yi aiki a maƙalar albasa ba za ta yi a nan ba. Idan edita ya zauna yau ya rubuta wa shafi na biyar bayani cewa yana ɗauke da labaran taki da farashin masara, nan da 'yan makonni bayanin ya zama ƙarya. Abin da ba ya canjawa a shafin rumbu shi ne sunan sashe da lambar shafi, don haka da su ake gina take, kuma manhaja ce ya kamata ta riƙa yi da kanta:

```html
<title>Noma, shafi na 5 | Mujallar Misali</title>
<link rel="canonical" href="https://example.com/noma/page/5/">
```

Bayanin sashe, irin wanda ke cewa nan ne ake samun labaran noma da kiwo, na shafin farko ne. Shi ne ƙofar sashen, shi ake so ya fito idan an nemi sunan sashen. Shafukan baya ko dai su samu gajeren layi mai ɗauke da lambarsu, ko a bar su haka. Wannan ya shafi jikin shafin ma. Dandali da yawa suna da sakin layi biyu ko uku na gabatarwa a saman sashe, kuma sukan bar shi yana fitowa a dukan shafuka 24. Mai karatu sai ya wuce shi kowane karo kafin ya ga jerin, injin bincike kuma yana ganin shafuka masu kama da juna fiye da yadda suke. A nuna gabatarwar a shafin farko kawai.

Masu amfani da WordPress suna da sauƙi. Manhajar da kanta tana ƙara lambar shafi a take, sai dai in ƙirar da aka ɗora ta ɓata hakan. Mai amfani da Yoast SEO kuma zai ga alamar `%%page%%` a tsarin take. Ita ce ke sa lambar daga shafi na biyu zuwa sama. Wasu sukan goge ta saboda ba su ga tana nuna komai a shafin farko ba, daga nan sai maimaici ya dawo. Ga mai rubuta ƙirar da hannunsa, akwai wani tarko: lambar shafin rumbu tana cikin `paged`, ta maƙalar da aka yanke kuma tana cikin `page`. Wanda ya duba ɗaya ya manta ɗaya, zai gyara rumbu ya bar maƙaloli, ko akasin haka.

Maganin da ya fi ciwon

Wasu da suka ga gargaɗin takoki iri ɗaya a manhajojin duba dandali sukan ɗauki gajeriyar hanya: su sa wa duk shafukan baya alamar `noindex`, wato kada a sa su a kundin bincike. Gargaɗin zai ɓace, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amfanin shafi na 17 na rumbu ba shi ne ya fito a bincike ba. Amfaninsa shi ne hanya ce zuwa tsofaffin maƙaloli goma da wataƙila babu wani mahaɗi da ke kai wa gare su. A ƙarshen 2017 John Mueller na Google ya bayyana cewa shafin da ya daɗe da `noindex`, a hankali ana daina bin mahaɗan da ke cikinsa. Haka nan toshe shafukan da `robots.txt` yake datse hanyar tun daga bakin ƙofa. Tsofaffin rubuce-rubuce su ne ke biyan kuɗin wannan kuskure, kuma a harshen da rubutunsa bai yi yawa a intanet ba, kowace maƙala da ta ɓace asara ce.

Wata tsohuwar shawara da har yanzu ake yawo da ita ita ce a sa `rel="next"` da `rel="prev"` a kan shafi, shi ke nan an gama. Google ya fara amfani da su a watan Satumba na 2011, amma a watan Maris na 2019 ya sanar cewa ya daina, kuma tun shekaru kafin sanarwar. Barin su ba ya cutarwa, wasu injina da burauzoji suna iya amfana da su, amma ba sa maye gurbin komai. Abin da ke aiki shi ne mahaɗi na zahiri a jikin shafi, `<a href>`, daga kowane shafi zuwa na gaba, da wanda ke komawa na farko.

Wannan ya jawo sharuɗɗa biyu. Kowane shafi ya samu cikakken adireshinsa, kamar `/page/5/` ko `?page=5`. Lambar da aka sa bayan alamar `#` ba ta ƙirguwa, domin Google yana watsi da abin da ya biyo bayanta, sai ya ga duk shafukan adireshi ɗaya ne. Sannan maɓallin "Nuna ƙari" da ke jawo sababbin labarai ba tare da canja adireshi ba yana da daɗi a waya, amma manhajar Google ba ta latsa maɓalli. Idan babu mahaɗi na zahiri a bayansa, goman farko kawai za ta gani.

Yadda za ka duba naka

Ba sai kana da ilimin rubuta manhaja ba. Buɗe shafi na biyu na wata maƙala ko sashe, ka sa `view-source:` a gaban adireshin a burauzar Chrome, sai rubutun ciki ya bayyana. Nemi `<title>`, `canonical`, `og:url` da `noindex`. Tambayoyin uku ne: shin taken ya bambanta da na shafin farko tun daga kalmominsa na gaba? Shin adireshin da ke cikin `canonical` da `og:url` yana ɗauke da lambar wannan shafi? Shin akwai `noindex` da ba kai ka nufa ba? Ka tabbata kuma `canonical` ɗaya ne tak. Yakan faru ƙirar dandali ta sa nata, ƙarin manhaja ya sa nasa, su saɓa wa juna.

Gwaji na biyu: ɗauko jimla guda daga tsakiyar shafi na uku, ka sa ta cikin alamar zance, ka nema a Google. Idan maƙalar ta kwana biyu da fitowa, shafin farko yana fitowa amma wannan jimla ba ta kawo komai ba, akwai alamar shafin ba ya kundi.

Tabbaci yana cikin Search Console, wanda kyauta ne ga duk mai dandali. Sa adireshin shafin a `URL Inspection`, ka kwatanta `User-declared canonical`, wato abin da shafinka ya faɗa, da `Google-selected canonical`, wato abin da Google ya zaɓa. A shafi na huɗu, duka biyun ya kamata su nuna shafi na huɗu. Idan ka ga shafukan baya jere a ƙarƙashin `Alternate page with proper canonical tag`, kada sunan ya yaudare ka. Ma'anarsa Google ya yarda da maganarka cewa kwafi ne, ya ajiye su gefe. Amma idan wasu shafukan rumbu masu nisa ne suka faɗa `Crawled - currently not indexed`, ba abin tashin hankali ba ne, muddin maƙalolin da ke cikinsu suna kundi.

Bayan gyara sai haƙuri. Google zai sake zagayowa cikin kwanaki ko makonni, kuma shafukan da ke can ƙasa su ne ke jira mafi tsawo. Facebook yana riƙe tsohon kati, amma ana iya sa shi ya sabunta ta `Sharing Debugger`. Saƙonnin da aka riga aka tura a WhatsApp kuwa za su ci gaba da ɗaukar katin da suka tafi da shi.

Kafin a raba, a tambaya

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: shin maƙalar tana buƙatar rabawa? Rubutu zalla ba shi da nauyi. Abin da ke cin data shi ne hotuna da tallace-tallace da kayan ƙirar shafi, kuma wasunsu sai an sake ɗauko su duk lokacin da aka latsa "Ci gaba". Ga mai karatu a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kowane latsi wata dama ce ta yankewa. Maƙala mai kalmomi 1,500 da aka yanka gida biyar don a ƙirga yawan buɗe shafi ta wahalar da shi ba tare da ta ba shi komai ba. A raba idan rubutun yana da sassa na gaskiya, waɗanda kowanne zai iya ɗaukar take nasa. Idan ka kasa samo wa shafi na uku suna da ya wuce "shafi na uku", alama ce bai kamata ya zama shafi dabam ba.

Rumbu kuwa dole ne a raba shi, don haka dole ne a kula da shi. Ga editoci da masu ƙera dandali da marubutan da ke wallafa da kansu, aikin a jere yake: a fara da `canonical`, domin shi ne ke ɓatar da rubutu, a cire `noindex` daga hanyar tsofaffin maƙaloli, sannan a gyara take da bayani saboda mai karatu. Gyaran ƙira sau ɗaya yana wadatar da ɗaruruwan shafuka. Yau ɗin nan ka buɗe shafi na biyu na dandalinka, ka duba adireshin da yake nunawa.